Karanta zanen ɗige-ɗige da layinsa ba tare da cewa wannan ne ya haddasa wancan ba

Wani malami ya tambayi ɗalibansa goma awa nawa kowa ke yi yana bitar darasin lissafi a mako, sannan ya rubuta makin da kowa ya samu a jarrabawa, cikin ɗari. Ya zuba lambobin a kwamfuta, ta fitar masa da zane mai ɗigo goma, da layi miƙaƙƙe da ya ratsa tsakiyarsu yana hawa daga hagu zuwa dama. Nan take ya rubuta a ƙarƙashin zanen: "Duk awa ɗaya da ɗalibi ya ƙara yana ƙara masa maki kusan huɗu." Lissafinsa daidai ne, ba wanda zai kama shi da kuskuren tarawa ko rabawa. Jimlar da ya rubuta ce ta wuce abin da zanen ya faɗa, kuma a kan wannan tazarar za mu tsaya.

Lambobin da ke ƙasa ni na tsara su don koyarwa, ba daga wani bincike aka ɗauko su ba. Na yi su kaɗan ne don ka iya bin lissafin da biro da takarda.

| Ɗalibi | Awannin bita a mako | Maki |
|---|---|---|
| 1 | 2 | 48 |
| 2 | 3 | 52 |
| 3 | 4 | 50 |
| 4 | 5 | 52 |
| 5 | 6 | 53 |
| 6 | 6 | 70 |
| 7 | 7 | 68 |
| 8 | 8 | 72 |
| 9 | 9 | 72 |
| 10 | 10 | 73 |

Mataki na farko: tambayi kanka, ɗigo ɗaya wane ne?

Kafin ka kalli layin, kalli gefunan zanen. Layin kwance, wanda ake kira x, yana ɗauke da awanni. Layin tsaye, wato y, yana ɗauke da maki. Duba daga ina kowanne ya fara ƙirga da inda ya tsaya, domin zanen da aka fara layin tsayensa daga 45 zai nuna hawa mai tsauri fiye da wanda aka fara daga sifili, alhali lambobin ɗaya ne. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ma'anar ɗigo ɗaya. A zanenmu, ɗigo ɗaya ɗalibi ɗaya ne, an auna shi sau ɗaya tak. Ba mu ga ɗalibi na 3 yana bitar awa huɗu a wannan zangon, sannan muka gan shi yana yin awa takwas a zango na gaba ba. Mun ga mutum goma ne daban-daban, kowa a inda yake. Don haka duk abin da zanen zai faɗa, kwatanci ne tsakanin mutane, ba labarin abin da zai faru da mutum ɗaya in ya canza halinsa ba. Ka riƙe wannan, domin duk sauran matakan a kansa aka gina su.

Wani lokaci ɗigon ma ba mutum ba ne, ƙasa ce sukutum. A 2012 wani likita mai suna Franz Messerli ya wallafa zane a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka, inda ya jera ƙasashe bisa yawan cakulan da ake ci a cikinsu da kuma yawan waɗanda suka ci kyautar Nobel gwargwadon yawan jama'a. Ɗige-ɗigen sun bi layi tsaf, Siwizalan na can sama ta fuskoki biyun. Amma babu ɗigo ko ɗaya a zanen da ke gaya maka ko masu kyautar su kansu suna cin cakulan. Ƙasashe masu arziki suna da kuɗin sayen cakulan, suna kuma da kuɗin gina jami'o'i da ɗakunan bincike. In ɗigo ƙasa ce, maganarka ta tsaya a kan ƙasashe.

Mataki na biyu: rufe layin, ka kalli ɗige-ɗigen kaɗai

Ido yana da saurin biyayya. Da zarar an ja layi, sai ya riƙa ganin ɗige-ɗigen kamar suna bin layin ko da ba sa bin sa. Saboda haka sa yatsa ko takarda ka rufe shi, in kuma kai ne mai zanen, ka goge shi tukuna. Sai ka nemi amsar abu huɗu: ina ɗige-ɗigen suka dosa, sama ko ƙasa? Miƙe suke tafiya ko sun lanƙwasa? A matse suke ko a warwatse? Akwai wanda ya ware shi kaɗai, ko kuwa sun rabu gida-gida?

Masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya nuna dalilin wannan mataki a 1973. Ya tsara rukuni huɗu na lambobi, kowanne da ɗigo 11. Duk huɗun matsakaicin x ɗinsu 9 ne, na y kusan 7.5, ma'aunin alaƙarsu, wato lambar da ke auna yadda ɗige-ɗige suka matse a jikin layi, kusan 0.82, kuma layinsu ɗaya, y = 3 + 0.5x. Da aka zana su sai ga abubuwa huɗu da ba su kama da juna. Na farko ɗige-ɗige ne da suka watsu a gefen layi yadda aka saba. Na biyu baka ne mai lanƙwasa wanda layi miƙaƙƙe bai dace da shi ba sam. Na uku ɗige-ɗige goma ne a jere sumul, ɗaya ya fita waje ya karkatar da layin. Na huɗu kuwa goma sun tsaya a kan x guda, ɗigo ɗaya tilo can nesa shi ya samar da layin gaba ɗaya. Kwamfuta ba ta ƙin ja maka layi. Ko me ka ba ta za ta ja.

Yanzu dawo kan ɗalibanmu. In ka rufe layin, za ka ga ba tudu ɗaya ba ne da ake hawa a hankali. Gida biyu ne: biyar suna zaune tsakanin maki 48 da 53, biyar kuma tsakanin 68 da 73, tsakaninsu fili ne wayam, babu wanda ya samu 55 ko 60 ko 65. Sa alama a nan, za mu dawo.

Mataki na uku: san yadda aka ja layin

Layin da manhajoji ke ja ba da ido ake zaɓensa ba. Ana auna giɓin da ke tsakanin kowane ɗigo da layin, a tsaye daga sama zuwa ƙasa, a ninka kowane giɓi da kansa, a tara su, sannan a zaɓi layin da jimlar ta fi ƙanƙanta. Adrien-Marie Legendre ne ya fara wallafa wannan dabara a 1805. Babu inda maganar sanadi ta shigo cikinta. Aikinta kawai ta samo layin da ya fi kusa da ɗige-ɗigen.

Ga yadda ake yi da hannu. Matsakaicin awanni 6 ne, matsakaicin maki 61. Ga kowane ɗalibi, cire 6 daga awanninsa, ka cire 61 daga makinsa, ka ninka biyun. Ɗalibi na 1 ya ba da −4 sau −13, wato 52. Na 10 ya ba da 4 sau 12, wato 48. In ka yi wa duka goman ka tara, za ka samu 220. Sai ka koma kan awanni kaɗai, ka ninka nisan kowa daga 6 da kansa ka tara, za ka samu 60. Raba 220 da 60, ka samu 3.67. Wannan ita ce karkatar layin. Layin kullum yana ratsa inda matsakaitan biyu suka haɗu, don haka mafarinsa, makin da yake bayarwa in awanni sifili ne, shi ne 61 a cire 3.67 sau 6, wato 39.

```
y = 39 + 3.67x
```

A Excel, in awanni na jerin A, maki na jerin B, waɗannan za su ba ka amsa:

```
=SLOPE(B2:B11,A2:A11)
=INTERCEPT(B2:B11,A2:A11)
=CORREL(A2:A11,B2:B11)
=RSQ(B2:B11,A2:A11)
```

In kana son layin a kan zanen, danna ɗaya daga cikin ɗige-ɗigen da maɓallin dama ka zaɓi Add Trendline, sannan ka sa alama a Display Equation on chart da Display R-squared value on chart.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake so kowa ya yi sau ɗaya a rayuwarsa. Juya gefunan, ka sa maki a kwance, awanni a tsaye. Za ka samu wani layin wanda ke cewa duk maki ɗaya na tafiya da ƙarin awa 0.21, kuma ma'aunin alaƙa ba zai motsa ko kaɗan ba. Lissafin bai san wanda ya riga wani ba. Mai zanen ne ya zaɓi ya sa awanni a kwance, mu kuma muka saba karanta na kwance a matsayin mai yi, na tsaye a matsayin wanda aka yi wa.

Mataki na huɗu: faɗi lambobin da baki, ba tare da ƙari ba

Karkatar 3.67 tana nufin wannan: a cikin waɗannan ɗalibai goma, in ka ɗauki biyu da ɗaya ya fi ɗaya da awa guda, layin yana hasashen mai yawan awa zai fi ɗan'uwansa da maki kusan 3.7. Kalmar da ke aiki a nan ita ce "fi", ba "ƙara" ba. Fi kwatanci ne tsakanin mutum biyu. Ƙara kuwa alkawari ne ga mutum ɗaya.

Mafarin layi, 39, shi ne makin da layin ke ba wanda bai yi bita ko ta minti ɗaya ba. Sai dai ba mu da irin wannan ɗalibi, mafi ƙaranci awa biyu ne, saboda haka 39 wurin kafa layi ne kawai. Haka ma ta ɗaya ɓangaren. Sa awa 20 a cikin lissafin ka gani: zai ba ka maki 112 a jarrabawar da iyakarta 100. Layin yana da bakin magana ne tsakanin awa 2 da awa 10, inda ake da ɗige-ɗige. Bayan nan shaci-faɗi ne.

Ma'aunin alaƙa, wanda ake rubutawa r, yana tafiya daga −1 zuwa 1. Namu 0.88 ne, wato ɗige-ɗigen sun matso kusa da layi mai hawa. Matsewa yake aunawa, ba tsananin hawa ba, kuma matsewa a jikin layi miƙaƙƙe kaɗai. In ka ninka shi da kansa ka samu R², wanda a nan 0.78 ne. A nan mutane da yawa ke zamewa, su ce awanni ne ke kawo kashi 78 cikin ɗari na makin ɗalibi. Ga ainihin abin da lambar ke nufi. Da za ka yi wa kowa hasashen maki 61, jimlar kuskurenka, bayan an ninka kowanne da kansa, 1032 ce. In ka yi amfani da layin sai ta sauka zuwa kusan 225. Ragin da aka samu shi ne kashi 78. Ma'auni ne na yadda hasashe ya gyaru, shi ke nan. Girman takalmin yaran firamare ma zai gyara maka hasashen iya karatunsu, tunda masu manyan ƙafa su ne manyan yara.

Mataki na biyar: bi giɓin ɗigo-ɗigo

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi tona asiri. Ga kowane ɗalibi, cire hasashen layi daga ainihin makinsa. In ka jera su daga mai ƙarancin awa zuwa mai yawa, za ka samu +1.7, +2, −3.7, −5.3, −8, sai +9, +3.3, +3.7, 0, −2.7.

Da layin ya dace da lambobin, da waɗannan giɓi sun warwatsu ba tsari, wani sama wani ƙasa. Namu ba haka suke ba. Suna gangarowa har −8, su yi tsalle zuwa +9, su sake gangarowa, kamar haƙoran zarto. Tsari a cikin giɓi alama ce ta cewa akwai abin da layin bai gani ba. Dubi ɗalibi na 5 da na 6 musamman. Dukansu awa shida suke yi, layin ya ba kowannensu 61, amma ɗaya ya samu 53, ɗaya 70. Awanni ba za su iya bayyana maki 17 da ke tsakaninsu ba, tunda awanninsu ɗaya ne. Ruwa ba ya tsami banza.

A ce malamin ya buɗe rajistar bara, ya tarar ɗalibai na 1 zuwa na 5 sun shigo ajin ne da rauni a lissafi, na 6 zuwa na 10 kuma tun can suna da ƙarfi. Sai ya ba kowane gida launinsa a zanen, ya ja wa kowanne layinsa. A gidan farko matsakaicin awanni 4 ne, na maki 51. A na biyu 8 ne da 71. In ka maimaita lissafin mataki na uku a cikin kowane gida, za ka samu 10 a raba da 10.

```
gida na farko: y = 47 + x
gida na biyu:  y = 63 + x
```

Karkatar ta faɗo daga 3.67 zuwa 1. Layuka biyu ne kusan a kwance, ɗaya a saman ɗaya, da tazarar maki 16 tsakaninsu. Mafi yawan hawan babban layin farko daga tazarar da ke tsakanin gidan ƙasa da gidan sama ya fito. Cikin maki 20 da ke tsakanin matsakaitan gidajen biyu, 4 ne kawai suka bi awanni, sauran 16 sun bi ƙarfin da ɗalibi ya shigo da shi. Da malamin ya ce wa ɗalibi na 3 ya ƙara awa huɗu zai haura daga 50 zuwa kusan 65, da ya yi masa alkawarin da ko lambobinsa ba su goyi baya ba. Layin gidansa bai wuce ya nuna ƙarin maki huɗu ba, shi ma da ƙyar, domin babu ɗan gidan da ya taɓa kai awa takwas.

Wani lokaci abin ya fi haka muni, karkatar cikin gida ta juya gaba ɗaya ta koma gangara alhali babban layi yana hawa. Masana suna danganta wannan juyin da sunan Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kansa a 1951.

Kada kuma a ɗauka yanzu an gano gaskiya, a ce to ashe awa ɗaya maki ɗaya take kawowa. Abu na uku guda ɗaya muka cire, wato ƙarfin da ɗalibi ya shigo da shi, wanda muka yi sa'a yana cikin rajista. Barci, lafiya, wanda ke taimaka wa ɗalibi a gida, duk ba mu auna su ba. Ga kuma ƙarancin ɗige-ɗigen: biyar-biyar ne.

Mataki na shida: jera sauran hanyoyin da za su iya haifar da wannan zanen

Duk lokacin da ka ga layi mai hawa ko gangara, akwai aƙalla labarai biyar da za su iya zana shi, kuma zanen ba ya gaya maka wanne ne ya faru. Na farko shi ne wanda zuciya ke so, x ne ya kawo y. Na biyu shi ne abu na uku da ke jan su duka, wanda muka gama gani.

Na uku shi ne a ce kibiyar ta juya. Ɗalibin da lissafi ke yi masa sauƙi yana jin daɗin zama da shi, sai ya daɗe, wanda kuma yake shan wuya ya rufe littafin da wuri. A nan iyawa ce ta kawo awanni. Irin wannan juyin ya cika fagen lafiya: in ka zana yawan maganin da majinyata ke sha da tsananin ciwonsu, layin zai hau, ba don magani na ƙara ciwo ba, sai don wanda ya fi jin jiki shi ake ba magani da yawa. Tambayar da ke taimakawa ita ce wanne aka fara aunawa, wanne kuma ya riga faruwa. In malaminmu bayan an raba sakamako ya tambayi awannin, to wanda ya ci zai iya tuna kansa a matsayin mai ƙwazo fiye da yadda yake, wanda ya faɗi kuma ya rage don ya samu uzuri.

Na huɗu shi ne waɗanda ba su shigo zanen ba. In ɗaliban da suka yi ta bita amma suka kasa sun bar darasin tun tsakiyar zango, kusurwar dama ta ƙasa za ta zama wayam, layin ya fi hawa. Ɗigon da babu shi ba ya ihu, kai za ka tambaya.

Na biyar kuwa faɗuwa ce da ta zo daidai da zama. Da ɗigo goma, ko da abubuwa biyun ba su da wata alaƙa, kusan sau ɗaya cikin ashirin r zai kai 0.63 ko fiye, ta sama ko ta ƙasa. Da ɗigo biyar, iyakar tana kusan 0.88. A cikin kowane gida namu r ya kai 0.79 ne, bai ma kai wannan iyaka ba. Wanda ya gwada abu ashirin da maki, ya nuna maka zanen da ya fi kyau kaɗai, bai yi maka ƙarya a lamba ba, amma ya ɓoye maka zane goma sha tara. Ka kuma yi hattara da abubuwa biyu da kowannensu ke ƙaruwa shekara bayan shekara, kamar yawan jama'a da kusan komai. In ɗigo ɗaya shekara ɗaya ce, layi zai fito ko babu abin da ya haɗa su sai wucewar lokaci.

Me zai sa a yarda cewa sanadi ne?

Akwai masu jin wannan darasi su zarce, duk zanen da aka nuna musu su ce ai alaƙa ce kawai, su juya baya. Wannan ma ragwanci ne. Mai yiwuwa ne ƙwarai bita tana ƙara maki. Abin da muke cewa shi ne wannan zanen bai auna ko nawa ba.

Hanya mafi tsabta ita ce gwaji da ƙuri'a. A ɗauki ɗalibai da yawa, a jefa ƙuri'a ta raba su biyu, a ba kashi ɗaya ƙarin awa biyu na bita a mako, a bar ɗayan yadda yake. Ƙuri'a ba ta san mai ƙarfi da mai rauni ba, don haka in mutanen suna da yawa, ƙarfin bara da barci da sauran abubuwan da ba mu ma yi tunaninsu ba za su rabu kusan daidai tsakanin kashi biyun. Bambancin da ya rage a ƙarshe, in ya fi ƙarfin dace, ana iya jingina shi ga awannin.

Inda gwaji ba zai yiwu ba, ana tara hujja ne daga kusurwoyi da yawa. Ba wanda zai jefa ƙuri'a ya tilasta wa mutane shan taba. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka wallafa binciken da ya nuna alaƙar shan taba da kansar huhu a Birtaniya, aka kuma samu masu ja, har da babban masanin ƙididdiga Ronald Fisher, wanda ya ce wataƙila wani abu ne na gado ke sa mutum son taba ya kuma sa shi kamuwa da cutar. Wato abu na uku. Ba a amsa masa da zane ɗaya ba. Tun 1951 Doll da Hill suka fara bin dubban likitocin Birtaniya, bibiyar da ta kai shekara 50. An rubuta shan tabar kowa kafin cutar ta zo, an ga haɗarin na hawa da yawan karan da mutum ke sha, an ga yana sauka ga waɗanda suka daina, bincike a wasu ƙasashe ya ba da amsa iri ɗaya, aka kuma gano sinadarai masu jawo kansa a cikin hayaƙin. Gadon mutum ba ya canzawa ranar da ya daina shan taba, saboda haka saukar haɗari bayan dainawa ta yi wa hujjar gado nauyi.

Mataki na ƙarshe: rubuta jimlar

Sanadi yakan shigo rubutu ta kalmar aiki, sau da yawa marubucin bai ma lura ba. "Yana ƙara", "yana rage", "yana sa", "yana jawo", "yana inganta", duk iƙirarin sanadi ne. Haka "tasiri", "illa", "amfani", "sakamakon" da "saboda". Ko kan zane da aka rubuta "Tasirin bita a kan maki" ya riga ya yanke hukunci kafin mai karatu ya ga ɗigo ɗaya. "Awannin bita da makin jarrabawa na ɗalibai goma" ya isa. Sa "wataƙila" a gaban "yana ƙara" ba ya wanke ta sosai, domin mai karatu yakan manta da wataƙilar ya tafi da sauran.

Gwajin da nake yi wa kowace jimla shi ne in tambayi kaina: mai karatu zai iya mayar da ita shawara? In daga jin ta mutum zai ce "to bari in ƙara awa don makina ya hau", jimlar ta yi maganar sanadi, ko da wace kalma aka yi ta.

Jimla mai kyau tana faɗin su wa aka auna da yawansu, inda layin ya dosa da girman karkatarsa, iyakar da aka auna, da abin da aka gani bayan an duba abu na uku. Ga yadda malaminmu ya kamata ya rubuta a ƙarƙashin zanensa:

"A cikin ɗalibai goma na wannan aji, waɗanda suka ce suna yin bita mai yawa sun fi samun maki. Tsakanin awa 2 da awa 10 a mako, bambancin awa ɗaya ya tafi da bambancin maki kusan 3.7, kuma r ya kai 0.88. Sai dai masu yawan awannin su ne waɗanda tun bara suke da ƙarfi a lissafi. Da aka kwatanta ɗalibai da takwarorinsu na bara, bambancin ya sauka zuwa maki 1 a kowace awa, a kan mutum biyar-biyar. Ɗaliban ne suka faɗi awanninsu da bakinsu, kuma sau ɗaya aka auna kowa."